Babi na Shida: Idan Facebook Ya Ƙi Tallarka, Ko Ya Rufe Maka Asusu

Darasi na 1: Talla aka ƙi, ko asusu aka rufe?

Abu biyu ne, kada ku haɗa su. Ƙin talla kamar sarkin kasuwa ne ya ce ka sauke kaya guda ɗaya daga rumfarka. Rufe asusu kuwa rumfar ce gaba ɗaya aka sa wa kwaɗo.

Ku buɗe Ads Manager, wato manhajar Facebook ta kula da talla, a wayarku, ku duba kalmar da ke jikin tallar. In kun ga In review, ana kan dubawa ne, kuma yawanci ba ya wuce awa 24, sai ku yi haƙuri. In kun ga Active, talla tana tafiya. In kun ga Rejected, an ƙi wannan tallar ita kaɗai, sauran suna nan lafiya. Amma in saƙo ya fito a sama da kalmar restricted ko disabled, to asusun ne aka taɓa. Ku kwafi kalmomin nan a littafinku da manyan baƙi. Ba sai kun iya Turanci ba, siffarsu kawai za ku riƙe.

Darasi na 2: Karanta dalili

Nan ne kowa ke tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. Facebook ba ya ƙin talla bai faɗi dokar da yake ganin an karya ba. Ku taɓa tallar da aka ƙi, dalilin zai fito. Ana kuma samunsa a wurin da ake kira Business Support Home. Kafin ku danna komai, ku ɗauki hoton fuskar wayar, sannan ku kwafe dalilin a littafi, baƙi bayan baƙi. Ba sauri ake ba, wanda ya ɗauki minti goma yana kwafa bai yi laifi ba.

Mu ɗauki misali. A ce mai sayar da zuma ne, yana kai kaya kasuwar Wudil ranar Juma'a, ya rubuta tallarsa haka: "Kana fama da ciwon suga? Zumarmu tana warkar da shi cikin sati biyu." Da safe ya ga Rejected. Me zai fara yi? Ya karanta dalili. Sai ya ga kalmomin personal attributes a ciki, ya kwafe, ya kai wa malamin makarantar garinsu ya bayyana masa. Ma'anar ita ce, an hana talla ta nuna kamar ta san sirrin mai karatu, wato ciwonsa, ko addininsa, ko ƙabilarsa, ko halin aljihunsa. Tambayar nan ta "kana fama da ciwon suga?" ita ce laifin, domin ta nuna mutum da yatsa. A kasuwa haka muke tallata kaya, babu mai jin haushi, amma a nan doka ce.

Akwai laifi na biyu a tallar, ko da dalilin bai ambata ba. An yi alkawarin warkar da ciwo, har da yanke lokaci. Wannan ma an hana, kuma ni ina ganin daidai ne, don mai ciwon suga da ya ajiye maganin asibiti saboda zuma yana iya kwanciya.

To ku lura. Da bai karanta ba, da sai ya zaci hoton kwalbar ne bai yi kyau ba, ya canza hoto, ya sake turawa da rubutun nan dai, a sake ƙi. Kowace ƙi kuwa tana shiga tarihin asusunka, in suka taru su ne ke jawo rufewa. Saboda haka mu maimaita tare: a duba, a ɗauki hoto, a kwafe, a fahimta, sannan a taɓa. Hajiya, ko da jikanki ne ke riƙe miki wayar, ki ce ya karanta miki dalilin da ƙarfi ki ji da kunnenki. Yara akwai saurin hannu.

Na sha faɗa a aji, amma har yanzu sai mutum ya zo min yana cewa, "Malam, sun hana ni talla." In tambaye shi me suka rubuta, ya ce ai ya goge. Haba Alhaji! Ka goge takardar tuhuma, da me za ka kare kanka? Kada wanda ya ƙara zuwa wurina babu dalili a rubuce.

Aiki: Ka rubuta matakai biyar ɗin nan sau uku. Ka ja layi a ƙarƙashin "a kwafe".

Darasi na 3: Gyara ko ɗaukaka ƙara

Bayan ka karanta dalili, hanya biyu ce. In ka ga lallai ka karya dokar, gyara za ka yi, ba gardama ba. Mai zumarmu zai danna Edit, ya mayar da rubutun haka: "Zuma tsantsa, babu haɗi. Akwai babbar kwalba da ƙarama. Muna kawowa Wudil ranar Juma'a." Bai tambayi kowa ciwonsa ba, bai yi alkawarin magani ba. Da ya tura, tallar za ta koma In review da kanta. Wanda ya yi tallarsa ta maɓallin Boost post, wato wanda ke mayar da rubutun shafi ya zama talla, sau da yawa rubutun ba ya gyaruwa, sai dai ya yi sabo mai tsabta.

In kuwa ka karanta, an bayyana maka, ka tabbata ba ka yi laifi ba, sai ka danna Request review, wato neman a sake dubawa. Kuskure yana faruwa, domin na'ura ce ke fara tace tallace-tallace. In an ba ka wurin rubutu, ka faɗi abin da kake sayarwa da dalilin da ya sa dokar ba ta shafe ka ba, layi biyu ko uku, babu zagi babu magiya. Sau ɗaya za ka danna, ka jira. Damar neman dubawa tana da iyaka, kada ka ƙarar da ita a kan tallar da ka san ba ta da gaskiya.

Darasi na 4: Asusun da aka rufe

Nan ma dalili ne farko. In bashin kuɗin talla ne, don katin banki ya ƙi biya, ka biya. In sun nemi katin shaida, ka ɗauki hotonsa a wuri mai haske, kusurwa huɗu su fito, kuma sunan da ke kati ya dace da na asusun. Sannan Request review, kuma kada ka bari ya daɗe.

Kada ka buɗe sabon asusu da sunan ƙaninka don ka ci gaba da tallar da aka hana. Kauce wa hukunci laifi ne mai zaman kansa, ana iya rufe sabon ma.

In saƙo ya zo ta Messenger cewa za a rufe shafinka yau sai ka danna wani adireshi ka sa lambar sirri, ɓarayi ne. Ka shiga Business Support Home da kanka ka duba.

Darasi na 5: Kada a sake

Kafin kowace talla ka tambayi kanka: na nuna mai karatu da ciwo ko talauci? Na yi alkawarin warkarwa? Ka ajiye littafin dalilanka, ka duba shi kafin ka tura.

Aiki: Ka gyara wannan tallar a littafinka: "Bashi ya yi maka yawa? Zo ka sari kayanmu, ka zama mai kuɗi cikin wata ɗaya."