Yadda ake sa Excel ya yi wa bashin da ya wuce wa'adi launi da kansa

Mai sarin kaya da ke ba 'yan kasuwa bashi yakan tara takardu masu yawa, kowace da ranar da aka yi alkawarin biya. Idan sun kai ɗari biyu ko uku a cikin Excel, ido ba ya iya bin ranakun ɗaya bayan ɗaya kowace safiya. Abin da ake so shi ne a buɗe fayil a tarar da duk layin da wa'adinsa ya wuce kuma ba a gama biya ba ya yi ja, ba tare da an taɓa komai ba. Conditional Formatting ke yin wannan aiki, kuma fomula guda ce ke tafiyar da shi.

Mu ɗauki mai sarin fulawa da suga, wanda ya tsara shafinsa haka: layi na 1 kanun bayanai ne, ginshiƙin A lambar takarda, B mai bashi, C kuɗin takardar, D ranar biya, E abin da aka biya zuwa yanzu.

```
A    B             C       D           E
101  Gidan burodi  450000  05/03/2025
102  Mai shayi     120000  28/03/2025  120000
103  Kanti         300000  02/04/2025  200000
104  Mai cincin    80000   10/04/2025
105  Mai alewa     215000
```

A ce yau 10 ga Afrilu, 2025. Takarda ta 101 da ta 103 ne kawai ya kamata su yi ja. Ta 102 an biya ta duka, ta 104 yau ne wa'adinta, mai ita yana da sauran lokaci har a tashi kasuwa, ta 105 kuwa an manta ba a rubuta mata rana ba.

Kafin komai, a duba ranakun

Excel ba ya riƙe kwanan wata a matsayin rubutu. Lamba ce yake ajiyewa, yana ƙirga kwanaki tun daga 1 ga Janairu, 1900, shi ya sa 1 ga Janairu, 2025 a wurinsa 45658 ne. Saboda haka ne yake iya gane cewa wata rana ta riga wata: ƙaramar lamba ita ce ta riga zuwa. Idan ranar ta shiga a matsayin rubutu, duk lissafin ya rushe, kuma babu wani gargaɗi da zai fito.

Gwajin ba shi da wuya. A wani gurbi da babu komai a ciki, misali G2, rubuta wannan ka ja shi ƙasa har ƙarshen layukan:

```
=ISNUMBER(D2)
```

Inda ya nuna TRUE ranar ta gaskiya ce. Inda ya nuna FALSE alhali kana ganin rana a rubuce, rubutu ne kawai. Wata alamar kuma, ranar gaskiya takan jingina da gefen dama na gurbin, rubutu kuma da gefen hagu, in dai ba a sauya tsarin da hannu ba.

Yawanci matsalar daga saitin kwamfuta take. Mu mun saba fara rubuta rana sannan wata, amma kwamfutoci da yawa suna zuwa da tsarin Amurka, inda wata ke gaba. A irin wannan kwamfuta, 28/03/2025 zai zauna a matsayin rubutu domin babu wata na 28. Wanda ya fi haɗari shi ne 02/04/2025: za ta karɓe shi hannu bibbiyu, amma a matsayin 4 ga Fabrairu maimakon 2 ga Afrilu. Sai ka je kana matsa wa mutum lamba kan bashin da kake zaton ya kwashe wata biyu, alhali kwana takwas ne. Waɗanda suka zama rubutu ana gyara su ta zaɓar su, a shiga Data, a danna Text to Columns, a danna Next sau biyu, a zaɓi Date da DMY, sannan Finish. Waɗanda rana da wata suka yi musaya kuwa gara a gwada su da ainihin takardun a gyara da hannu. Bayan haka a mayar da tsarin ginshiƙin D ya riƙa nuna sunan wata, ta Ctrl+1 sannan Custom, a rubuta `dd-mmm-yyyy`, don kuskuren ya riƙa bayyana nan take.

Kafa ƙa'idar

Danna A2, ka ja har zuwa E500, ko iya inda kake ganin layukanka za su kai. Fara ja daga A2 ɗin yana da muhimmanci, domin Excel yana fassara fomular ne bisa gurbin da aka fara zaɓa. Kada ka haɗa da layin kanu.

Daga nan ka shiga Home, ka danna Conditional Formatting, sai New Rule, sai ka zaɓi Use a formula to determine which cells to format. A akwatin da ya fito ka rubuta:

```
=AND(ISNUMBER($D2),$D2<TODAY(),$C2>$E2)
```

Danna Format, ka shiga Fill, ka zaɓi ja mai haske wanda baƙin rubutu zai fito a kansa, sannan OK sau biyu.

Fomular sharuɗɗa uku ta haɗa, kuma AND ba ya amincewa sai duka ukun sun cika. Na tsakiya shi ne zuciyar aikin: ranar biya ta kasance ƙasa da yau. Alamar `<` ita ce ta bar takarda ta 104 ba launi. Wanda yake so layin ya yi ja tun ranar wa'adin sai ya sa `<=`, amma a ganina hakan zalunci ne kaɗan ga wanda bai saɓa alkawari ba tukuna.

Sharaɗin farko shi ne wanda aka fi mantawa. Gurbin da babu komai Excel yana ɗaukarsa sifili idan aka kwatanta shi da lamba, sifili kuma ai ƙasa yake da yau. Da babu ISNUMBER, takarda ta 105 za ta yi ja kamar wadda ta shekara ɗari ba a biya ba.

Na uku yana kwatanta kuɗin takarda da abin da aka biya. Mutane da yawa suna amfani da ginshiƙin da ake rubuta «an biya» a ciki, amma kwatanta lambobi ya fi, domin a kasuwa biyan bashi kashi-kashi ne ya fi yawa. Mai kanti ya kawo 200,000 cikin 300,000, saura 100,000, kuma dole layinsa ya ci gaba da nuna ja har ya cika. Sai dai a kiyaye: kada a rubuta kalma a ginshiƙin E. Excel yana ɗaukar kowane rubutu ya fi kowace lamba girma, don haka idan yaron shago ya rubuta «zai kawo» a E2, sharaɗin zai faɗi, jan ya ɓace, bashin 450,000 ya koma kamar an biya. Irin wannan bayani a ba shi nasa ginshiƙin.

Alamar dala

Yawancin ƙa'idojin da suka ƙi aiki, wannan alama ce sanadi. `$D2` na nufin ginshiƙin D a kafe yake, lambar layi kuma tana sauyawa: a layi na 4 Excel zai duba D4, a layi na 90 ya duba D90, ko da wane gurbi yake shafa wa launi a layin. Idan aka rubuta `D2` ba alamar, gurbin A zai duba D daidai, amma na B zai zame ya duba E, na C ya duba F, sai ka ga launi tsilla-tsilla. Idan kuma aka rubuta `$D$2`, `$C$2` da `$E$2`, duk shafin zai bi hukuncin takarda ta farko: ko duka su yi ja, ko ba ko ɗaya.

Wannan na ƙarshen yana faruwa ne idan ka danna gurbin da linzami maimakon ka rubuta shi, domin Excel yakan saka `$D$2` da kansa. Danna F4 sau biyu zai mayar da shi `$D2`.

Akwai wata alamar da ke rikita mutane: launin yana fitowa, amma a layin da ke sama ko ƙasa da wanda ya dace. Dalili shi ne an zaɓi yankin daga layi na 1 amma fomular ta fara da layi na 2, ko akasin haka. Shiga Conditional Formatting, sai Manage Rules, ka duba Applies to. Idan ya fara da `$A$2`, dole lambar da ke cikin fomular ta zama 2. A nan kuma za ka gane idan an manta alamar `=` a farko, domin Excel zai kewaye fomular da alamun zance ya mayar da ita rubutun da ba ya aiki.

Raba tsohon bashi da sabo

Takarda ta 101 ta wuce da kwana 36, ta 103 da kwana 8, kuma ba murya ɗaya ake kiran masu su ba. Ƙara ƙa'ida ta biyu a kan yankin nan, da ja mai duhu da farin rubutu:

```
=AND(ISNUMBER($D2),$D2<TODAY()-30,$C2>$E2)
```

Takarda ta 101 yanzu ta cika ƙa'idojin biyu. Idan launuka suka yi karo, wadda ke sama a jerin Manage Rules ce ke cin nasara, don haka ta kwana 30 ta kasance a sama. Ana motsa ta da kibiyoyin da ke wurin.

Saura takarda ta 105. ISNUMBER ya hana ta yin ja, amma ya kuma ɓoye ta, kuma bashin da ba shi da rana shi ne wanda ake mantawa da shi. Ka ba irinta ƙa'ida ta uku, mai ruwan ɗorawa:

```
=AND($A2<>"",NOT(ISNUMBER($D2)))
```

Wannan na kama duk layin da ke da lambar takarda amma ranarsa babu ko ta shiga a matsayin rubutu.

Gwaji da 'yan bambance-bambance

Don ganin abin da zai faru gobe ko mako mai zuwa, rubuta wata rana a H1, ka sa `$H$1` a madadin `TODAY()` na ɗan lokaci, kana sauya ranar kana kallon launin. Da 11 ga Afrilu, takarda ta 104 za ta yi ja. Idan ka gama ka mayar da `TODAY()`. Shi kuma daga agogon kwamfuta yake ɗaukar rana, saboda haka tsohuwar kwamfutar da agogonta ke komawa baya duk lokacin da aka kashe ta za ta nuna maka shafi fari tas.

A Google Sheets fomulolin ba su sauya ba. Ana shiga Format, sai Conditional formatting, a rubuta `A2:E500` a Apply to range, a zaɓi Custom formula is. A can ƙa'idar farko da ta cika ita ce ke aiki, don haka jerin yana da muhimmanci. Tsarin kwanan wata da yankin lokaci kuma suna File, sai Settings.

Masu Excel na Faransanci, kamar yadda aka fi samu a Nijar, sunayen da alamar rabewa daban suke:

```
=ET(ESTNUM($D2);$D2<AUJOURDHUI();$C2>$E2)
```

Bayan an jima ana kwafa da liƙa layuka, ƙa'ida ɗaya takan tsattsage ta zama gutsattsari da yawa a Manage Rules, wasu layukan su fita daga ciki. Idan ka ga haka, goge maimaitattun, ka bar ɗaya daga kowace, ka sake rubuta `=$A$2:$E$500` a Applies to. Lokacin kawo bayanai daga wani fayil kuma a riƙa amfani da Paste Special sannan Values, don kada su zo da nasu ƙa'idojin.