Layi biyun farko na "Infos" ɗinka a LinkedIn: inda muke yawan yin kuskure

Watan jiya ƙanena da ke aikin haɗa famfon sola a nan Garwa ya miƙo min wayarsa, wai Yaya duba min LinkedIn ɗin nan, wata shida da buɗewa ko sallama ba wanda ya taɓa yi min. Na karɓa, amma ban buɗe a wayarsa ba, na nemi sunansa a tawa don in ga abin da baƙo ke gani. A wajen da ake rubuta bayanin kai, wanda masu waya da Faransanci ke gani da sunan "Infos", masu Turanci kuma "About", abin da ya fito shi ne gaisuwa da sannu da zuwa shafina, sai sunansa da sunan mahaifinsa, sai rabin kalma, sai ɗigo uku da "voir plus". Shi ke nan fa. Mutumin da ya yi shekaru yana zura famfo a rijiyar burtsatse cikin zafin watan Afrilu, amma a abin da ido ke gani ko kalmar sola babu.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne LinkedIn ya ba ka wuri har harafi 2,600 ka rubuta, amma ba ya nuna su duka, yana yanke rubutun ya ɓoye saura sai an danna "voir plus" ko "see more". Kuma inda almakashin zai faɗa ba a hannunka yake ba. Ya danganta da faɗin fuskar waya, da girman rubutun da mai wayar ya saita, da ko a kwamfuta ake dubawa. Wani zai ga layi uku ko huɗu, wani ƙasa da haka, shi ya sa ni nake ɗaukar biyu kawai a matsayin nawa, in an samu ƙari to gyara ce irin ta mai awo. A tawa wayar da na zauna na ƙirga, layi ɗaya bai wuce harafi 45 zuwa 50 ba har da giɓin da ke tsakanin kalmomi, wato layi biyu harafi ɗari ne ko ƙasa kaɗan. Da wannan ɗan filin za ka yi noma.

To kuskuren farko namu ne na gado, gaisuwa. Mu Hausawa ba ma shiga magana sai mun tambayi gida da gajiya da sanyi, ga maƙwabtanmu Fulani su ma in aka fara gaisuwa sai an gaji, kuma wallahi abu ne mai kyau a zaure ko a rumfar kasuwa. Amma wanda ya buɗe shafinka ba zama ya zo yi ba, wataƙila ma'aikacin wata ƙungiya ce a Marwa da ke neman wanda zai haɗa musu famfo a ƙauye, yana da shafi goma da zai leƙa kafin data ta ƙare masa. Gaisuwar ƙanena kaɗai ta cinye layi ɗaya da rabi. Sai ya ce ai Yaya rashin ladabi ne mutum ya fara magana ba sallama. Na ce ba wanda ya hana ka, kai ta ƙasa inda za ka ce a tuntuɓe ka, can ne hira za ta fara. Sunanka kuma yana sama da manyan baƙaƙe kusa da hotonka, maimaita shi kamar ka rubuta suna a goshi ne bayan ka riga ka miƙa katin ɗan ƙasa.

Irin wannan maimaicin har ila yau, akwai masu kwafo abin da ke ƙarƙashin sunansu, wato taken nan da LinkedIn ya ba shi harafi 220, su sake manna shi a farkon bayanin. Mutum ya riga ya karanta, bai samu sabon abu ba, me zai sa ya danna.

Kuskure na biyu shi ya fi ba ni haushi don kusan kowa na yi. Ka buɗe shafin samari goma daga Ngaundere zuwa Kuseri, da wuya ba ka ci karo da "Jeune dynamique et motivé" ba, ko mai ƙwazo, mai riƙon amana, mai son ci gaba. Wannan yaren takardar neman aiki ne da aka koya mana muna sa wa a dosiye, kuma matsalarsa ita ce ba wanda zai taɓa rubuta akasinsa, ka taɓa ganin wanda ya ce shi malalaci ne? Ga gwajin da nake yi, ka rufe suna da hoto da yatsa ka karanta layi biyun, in tela da direban kamyo da malamin makaranta duk za su iya ɗauka su manna a nasu ba tare da sun canja komai ba, to ba ka ce komai ba tukuna. Abin da ya kamata ya zauna a wurin shi ne me kake yi da hannunka, a kan me, kuma a ina. Sunan gari yana da nauyi fiye da yadda ake zato, don mai neman ma'aikaci a Lagdo ba zai kira mutumin da bai sani ba ko a Duwala yake zaune.

Bari in nuna yadda muka gyara nasa, da Faransanci ya sa a shafin amma ga shi da Hausa yadda muka fara tsarawa. Jimlar farko muka ce: "Ina haɗa famfon sola a rijiyar burtsatse, daga Garwa zuwa Gidar." Harafi 64 ke nan, na ƙirga. Aiki ya fito, wuri ya fito, ba diflom ba kirari. Saura kusan harafi talatin kafin a yanke, kuma a nan ne muka daɗe muna ja-in-ja, don shi so yake ya sa shekarun da ya yi a aikin, ni kuma na ce shekaru ba sa sa a danna, wanda ya ga shekara shida ya gani ya gama, babu abin da ya rage masa ya nema a ƙasa.

Sai na tambaye shi, a cikin famfunan da ake kiranka gyara me ya fi kashe su? Nan take ya gyara zama, ya ce mutane na cewa zafin rana ne alhali ba shi ba ne, ana haɗa famfon ne bayan damina lokacin da ruwa ke sama, ba a zura shi ƙasa yadda ya kamata ba, ba a kuma sa masa ɗan na'urar da ke tsayar da shi in ruwa ya ja baya ba, to da rani ya yi tsanani wajen Maris da Afrilu ruwa ya sauka sai injin ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone, tunda ruwan ne ke sanyaya shi. Na ce tsaya, ai ga layinka na biyu nan ka faɗa da bakinka. Muka rubuta: "Ba zafin rana ke ƙona famfo ba, kuskure ne da ake yi tun ranar da aka zura shi." A lissafin wayata za a yanke daidai bayan "famfo ba", duk wanda ya taɓa asarar famfo dole yatsansa ya yi ƙaiƙayi.

Ka lura da yadda muka jera jimlar, abin da ke ja muka sa a gaba. Da mun fara da "a cikin shekarun da na yi ina wannan aiki na lura cewa" da yankan ya faɗa kafin a kai ga maganar. Kuma da ya juya ta Faransanci ta ƙara tsawo, sai da muka sake datsewa, don haka yaren da za ka sa a shafin shi za ka ƙirga, ba wanda ka yi tunani da shi ba.

Amma fa a nan akwai rami. Wasu sun ji an ce a bar mutum da ƙishin ji, sai su rubuta irin "sirrin da ya canja rayuwata" ko "karanta har ƙarshe ka sha mamaki", ka danna ka tarar da jerin makarantun da ya yi tun daga firamare. Wannan yaudara ce kuma sau ɗaya take ci. In ka buɗe magana a layi na biyu, amsarta ta zama abu na farko da za a gani bayan dannawa, ba a sakin layi na biyar ba. Shi ƙanena layi na uku bayanin saukar ruwan ne kai tsaye, sannan yadda yake auna zurfin ruwa kafin ya zaɓi famfo, sai a ƙarshe yadda za a same shi. Lambar waya ma can ƙasa muka kai ta, da a sama ya so sa wa, na ce wa zai kira lambar wanda bai san me yake yi ba.

Sai ƙananan abubuwa masu cin wuri a ɓoye. In ka rubuta kalma biyu ka danna Enter, ragowar layin ya tafi a banza, in ka danna sau biyu ka bar layi fanko shi ma wuri ya ci, don haka jimlolin farko ka bar su a manne, ka fara raba sakin layi daga baya. Jerin tuta da taurari da 'yan hotunan nan a farko su ma haka. Sannan rubutun ado mai kauri ko mai lanƙwasa da ake kwafowa daga wasu shafuka, LinkedIn ba shi da wajen ƙara wa rubutu kauri a wannan sashe, waɗancan ba haruffa ne na gaske ba alamomi ne masu kama da su, a wata wayar akwatuna kawai za a gani, kuma mai neman kalmar a wajen bincike zai iya rasa ka. In da Hausa kake rubutawa ka duba ƙ da ɗ da ɓ ɗinka sun fito daidai.

Da muka gama ya danna "Enregistrer", ban yarda da abin da muke gani a wajen gyara ba, don can rubutun duka yake nunawa ba yanka. Na sake buɗewa a tawa, muka ari ta mai shagon cajin waya da ke gefenmu, dattijo ne ya ƙara girman rubutu saboda ido, a tasa an yanke tun a farkon jimla ta biyu. Ƙanena ya ce to Yaya yanzu fa? Na ce bar shi, ko a nan ma an ga famfon sola an ga Garwa. Dattijon da ya karɓi wayarsa ya ɗan ƙura wa rubutun ido ya danna da kansa, ya karanta, sai ya ɗago ya ce yaro, kana zuwa Pitowa? Akwai famfon gonar ƙanina da ya tsaya tun rani.