Yadda na gyara teburin ƙirgen kaya da ya nuna rarar gwangwani 66

A shagonmu na Aboabo, nan Kumasi, teburin ƙirge layi biyar ne: kayan buɗewa, waɗanda suka shigo, waɗanda aka sayar, ƙirgen rufewa, sai bambanci. Ranar Asabar layin madara ya nuna rarar gwangwani 66, alhali kaya ba sa haihuwa a kan kanta.

An buɗe mako da gwangwani 30, an sayar da 58, an ƙirga 41 a kanta. A layin shigowa kuwa an rubuta 3. Nan matsalar take: katan 3 ne, kowane da gwangwani 24, sauran layukan kuma da gwangwani ake lissafinsu. Shi ya sa abin da ya kamata ya rage ya faɗi ƙasa da sifiri da 25. Duk sanda ka ga haka, to ko an haɗa ma'auni biyu, ko an manta rubuta wani kaya da ya shigo.

Na mayar da 3 ɗin ya zama 72, na bar lissafin bambanci yadda yake, inda B2 ne kayan buɗewa, C2 waɗanda suka shigo, D2 waɗanda aka sayar, E2 kuma ƙirgen rufewa:

```
=E2-(B2+C2-D2)
```

30 da 72 sun ba da 102, a cire 58, saura 44. An ƙirga 41, ashe giɓin 3 ne. Biyu na same su a littafin bashi, an bayar ba a sa su cikin waɗanda aka sayar ba. Ɗayan ya lotse an ware shi gefe, na rubuta shi a matsayin lalatacce.

Mako mai zuwa da 41 za a buɗe, wato abin da hannu ya ƙirga, ba 44 na lissafi ba.