Boltejin Taku da na Taɓawa: Kurakuran da Ake Maimaitawa a Zanen Ragar Atin ta Tashar Rarraba Wuta

Yawancin zanen atin da sababbin injiniyoyi suke kawowa a duba musu a nan Kano, lamba ɗaya suke taƙama da ita, wato turjiyar ragar wayoyin jan ƙarfe da aka binne a ƙarƙashin tasha: om ɗaya, ko om biyu, ko dai ƙasa da biyar. Da zarar lambar ta yi ƙasa sai a ce tasha ta tsira. Wannan shi ne uban kurakuran, domin abin da ke kashe mutum a tasha shi ne bambancin bolt tsakanin wurare biyu da jikinsa ya haɗa a lokacin da layi ya faɗa wa ƙasa, kuma lambar om ba ta faɗin wannan bambanci.

Idan wuta ta zuba cikin ragar atin, ragar da duk ƙarfen da aka ɗaure da ita suna tashi zuwa wani boltej mai yawa, amma saman ƙasa ba ya tashi daidai da su. Wanda ya dafa jikin taransifoma yana tsaye a ƙasa, bambancin da ke tsakanin hannunsa da ƙafafunsa shi ne boltejin taɓawa. Wanda yake tafiya bai taɓa komai ba, bambancin da ke tsakanin ƙafafunsa biyu a tazarar mita ɗaya shi ne boltejin taku. Ƙa'idar IEEE 80 ta tsaron atin a tashoshin wuta, wadda ta ginu a kan binciken Charles Dalziel game da yawan wutar da zuciya take iya jurewa, ta ba da iyakar kowannensu ga mai nauyin kilo 50 kamar haka:

```
Etouch = (1000 + 1.5 Cs ρs) × 0.116 / √ts
Estep  = (1000 + 6 Cs ρs) × 0.116 / √ts
```

Lambar 1000 turjiyar jikin mutum ce, ρs turjiyar abin da ƙafa ta taka, Cs gyara ne saboda kaurin shimfiɗar, ts kuwa daƙiƙun da bireka ke ɗauka kafin ta yanke wuta. Akwai 0.157 a madadin 0.116 ga mai kilo 70, amma ni ba na amfani da shi ko a cikin shinge, domin ban san wanda zai shiga share ciyawa ba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne auna turjiyar ƙasa sau ɗaya, a cikin damina, a gina zane a kai. Ƙasar Kano jar ƙasa ce da marmara a kan dutsen da ke ƙarƙashi, ruwan sama kuma bai wuce daga Mayu ko Yuni zuwa Satumba ba, don haka awon watan Agusta hoton ƙasa ne a ranar da ta fi kowace rana laima. A ɗauki misalin tashar kilobolt 33 zuwa 11, raga mai mita 40 kowane gefe, an jera wayar jan ƙarfe tara tsaye tara kwance a tazarar mita 5, jimla mita 720, a zurfin rabin mita. A ɗauka amfiya 2000 ne ke shiga ƙasa ta ragar, bireka tana yankewa cikin rabin daƙiƙa, an kuma shimfiɗa fasasshen dutse mai om-mita 3000, kaurin santimita 10. Idan awon damina ya ba da om-mita 100, turjiyar ragar kusan om 1.2 ce, boltejin taɓawa a tsakiyar gurbin kusurwa, inda ya fi tsanani, kusan bolt 450 ne, iyakar da jiki ke jurewa kuwa 680. Zane ya wuce, kowa ya sa hannu.

Sai watan Maris ya zo, hunturu ya gama tsotse ƙasa, a ce awo ya koma om-mita 400. Turjiyar ragar ta zama om 4.9, wanda har yanzu "ƙasa da biyar" ne ga mai bautar lamba. Wutar da ke shiga za ta ɗan ragu saboda ƙarin turjiya, a ce zuwa amfiya 1800, amma boltejin taɓawa ya haura bolt 1600, alhali iyakar ba ta motsa ba sai zuwa kusan 700. Tashar da aka yi wa takardar lafiya a Agusta, ita ce take da fiye da ninki biyu na abin da zuciya ke iya ɗauka a tsawon rani.

An taɓa miƙa mana irin wannan rahoto na awon ƙasa daga wani ɗan kwangila, layi ɗaya tak, babu kwanan wata, babu tazarar sandunan awo. Aka ce lokaci ya ƙure, a yi aiki da shi. Da aka zo gwajin miƙa aiki cikin bazara lambobi suka ƙi zama, dole aka kwashe dutsen da aka riga aka shimfiɗa, aka sake haƙa a tsakanin ginshiƙan da aka zuba wa kankare, kuma ribar aikin gaba ɗaya a ramin ta ƙare. Rahoton da ba shi da kwanan wata ba rahoto ba ne, kuma injiniyan da ya karɓe shi ya sa hannu ya ɗauki alhakin ran mai gadi a wuyansa. Ɗabi'ata ita ce a yi awo tsakanin Fabrairu da Afrilu da hanyar Wenner, sanduna huɗu a layi ɗaya da tazara daidai, a lissafa da ρ = 2πaR, inda a take tazarar sanduna, R kuwa karatun na'urar awo. Ina fara tazarar daga mita 1, na ninka zuwa 2, 4, 8, 16, har ta kusa faɗin ragar, a layuka biyu masu gicciye juna, nesa da bututun ruwa da tsofaffin wayoyin da aka binne.

Dalilin ƙara tazara shi ne kowace tazara tana leƙa wani zurfi dabam, kuma a nan wasu suke yin ɓarna ta biyu, su tara duk sakamakon su raba su fitar da matsakaici. Yadda lambobin suke tafiya shi ne labarin. Idan suna sauka yayin da tazara ke faɗaɗa, akwai laima a ƙasa, dogayen rodi da suka isa gare ta za su yi amfani ƙwarai, musamman a kusurwoyi da gefen raga inda wuta ta fi fita. Idan suna hawa, dutse ne a ƙasa, kuma duk rodin da aka buga asarar jan ƙarfe ce, sai dai a faɗaɗa filin ragar. Misalin da na kawo ya ɗauki ƙasa iri ɗaya don sauƙin bayani, amma zane na gaskiya yana bukatar a raba ƙasar hawa biyu aƙalla.

A dubi abin da gyara ya yi wa misalin. Idan aka matse tazarar wayoyi zuwa mita 2.5, tsawon waya ya zama mita 1360, turjiyar ragar ba ta ragu ba sai da kashi 5 cikin ɗari, domin faɗin fili ne ke riƙe da ita. Boltejin taɓawa kuwa ya sauka da fiye da kashi 40, daga 1600 zuwa kusan 920. Mai kallon om zai ce an zubar da kuɗi, alhali nan ne aka sayi rai. Har yanzu 920 ta fi 700, don haka sai a koma ga masu saita rile, na'urar da ke umartar bireka ta yanke wuta: idan yankewa ta dawo kwata na daƙiƙa, iyakar ta tashi zuwa kusan bolt 995. Amma ba na yarda da wannan shi kaɗai, domin ranar da kariya ta farko ta ƙi aiki, ko batirin tasha ya mutu, lokacin kariyar baya ne jiki zai sha. Da daƙiƙa ɗaya cur, iyakar 680 ta farko tana komawa 480.

Wani kuskuren kuma da yake tayar min da hankali shi ne ɗaukar fasasshen dutse a matsayin ado ko maganin taɓo. Turjiyar ƙasa tana aiki ta fuska biyu: a zurfin da raga take ana so ta yi ƙasa, a ƙarƙashin tafin ƙafa ana so ta yi sama. Cire dutsen daga misalinmu, mutum ya tsaya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa mai om-mita 100, iyakar taɓawa ta faɗo daga 680 zuwa 190, ga kuma bolt 450 na jiransa. Ke nan damina ma tana da nata tarkon. A Kano ba sai an kwashe dutsen ba, ƙurar hunturu tana cike ramukan da ke tsakaninsa shekara bayan shekara, ruwa ya sauka ta zama laka, ciyawa ta tsiro. Duk tashar da ka ga ciyawa ta yi kore a tsakanin duwatsunta, lambar 3000 da ke cikin lissafinta ta zama tarihi. Ni wankakken dutse nake nema, ba burji ba, ba kuma mai gari ba, kaurin santimita 15 maimakon 10, a jiƙa samfurinsa a auna kafin a karɓa, a kuma rubuta tankaɗe shi cikin jadawalin kula da tasha.

Boltejin taku a cikin shinge da wuya ya zama matsala, tunda iyakarsa a kan dutse ta haura bolt 2200, mafi yawan abin da ake samu kuwa a misalin damina kusan 320 ne. Wannan ne yake sa a manta da shi, a kuma manta cewa ya fi ƙarfi ne a bakin raga ta waje, kusa da kusurwa, inda babu dutse kuma iyakar kusan 260 ce kawai. Tashoshin cikin gari kuwa unguwa ta rungume su: mai shayi ya jingina teburinsa da shinge, yara suna wucewa ba takalmi, akuya tana kiwo. Ina kewaya shingen ƙarfe da waya mita ɗaya a waje, na ɗaure shi da ita, na fitar da dutse ya wuce ta, na kuma shimfiɗa raga a ƙarƙashin duk inda ƙofa take kaiwa idan an buɗe ta waje.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. Gawayi da gishirin da ake zuba wa ramin atin suna saukar da lamba ranar gwaji, ruwa ya wanke gishirin bayan ya ci mahaɗin waya, kuma zuba wa rami ruwa da daddare kafin zuwan mai dubawa ha'inci ne. Mahaɗin da aka ɗaure da noti aka binne zai yi tsatsa, a narka shi ya zama jiki ɗaya. Ba duk wutar kuskure ce ke shiga ƙasa ta raga ba, wani kaso yana komawa ta wayar kariya ta saman layi ko sulken kebul, amma sai an lissafa kason, ba a ƙiyasta shi da ka ba. Bututun ruwa na ƙarfe ko waya da ta fita daga tasha tana kai cikakken boltejin ragar, kusan bolt 2450 a misalin damina, zuwa gidan maƙwabci, don haka a saka mata gaɓar roba a bakin shinge. Wajen gwada turjiyar raga mai mita 40, idan aka kafa sandar awo da ake tura wuta ta cikinta a mita 50, tana cikin da'irar ragar ne, sakamakon zai fito ƙasa da gaskiya. A kai ta aƙalla ninki biyar na tsawon ragar daga kusurwa zuwa kusurwa, kusan mita 280, a riƙa matsar da sandar boltej a kusa da kashi 62 cikin ɗari na nisan har karatun ya daina canzawa.