Darasi: Sa waya ta tuna maka kafin takardunka su mutu

Inshorar mota da lasin abin hawa shekara ɗaya suke yi. Mutane da yawa kan ce, "Ai bayan ƙaramar sallah na sabunta." Wannan lissafi yana yaudara, domin sallah tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, takarda kuwa kalandar Turawa take bi. Don haka ka ɗauko takardar, ka nemi inda aka rubuta Expiry Date, ranar da za ta daina aiki ke nan.

A ce inshorar motarka za ta ƙare ranar 20 ga Maris. Buɗe Google Calendar a wayarka, ka taɓa alamar +, ka zaɓi Event. Rubuta "Inshorar mota", ka kunna All-day, ka sa 20 ga Maris. Taɓa Does not repeat, ka mayar da shi Every year, don ya riƙa dawowa duk shekara.

Sai dai tunin da ya zo ranar da takarda ta mutu bai yi maka komai ba, wataƙila ma kana gaban jami'an VIO a lokacin. Shiga Add a notification, ka zaɓi Custom, ka sa gargaɗi biyu. Na farko mako huɗu kafin ranar, wajen 20 ga Fabrairu, don ka fara tara kuɗi. Idan naira 15,000 za ka biya, ajiye 5,000 duk mako ya wadatar. Na biyu saura mako ɗaya, 13 ga Maris, ranar zuwa biya ke nan. Sannan ka taɓa Save.

Gargaɗin wannan kalanda ba ya wuce mako huɗu, fasfo kuwa yana son lokaci fiye da haka. Fasfon Najeriya shekara biyar ko goma yake yi, kuma ƙasashe da dama, har da Saudiyya, suna son ya kasance da sauran wata shida. Saboda haka ka buɗe masa Event na daban, wata tara kafin ya ƙare, ka bar shi a Does not repeat.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sabunta takarda a manta da gyara waya. Idan ka makara har 5 ga Afrilu, sabuwar takardar za ta iya zuwa da wata ranar ƙarewa, wayar kuma tana nan a kan tsohuwar. Ka gyara tun kana ofishin. Kuma ka duba cewa sunan Gmail ɗinka ya fito a jikin tunin, don ya biyo ka idan ka canza waya.

Aikin gida: kawo takarda ɗaya mai wa'adi, ka rubuta ranar ƙarewarta da ranakun gargaɗi biyu a littafinka, sannan ka shigar da su waya a gaban malami.