Darasi na Shida: Kai Bakanikenka Kafin Ka Biya Kuɗin Mota

Idan kaka ta yi kyau, mutane da yawa a ƙauyukan Kano da Jigawa sukan sayar da riɗi ko shanu su sayi tsohuwar mota don haya. Galibi Golf ce mai dogon baya, wadda za ta ɗauki fasinja da kaya zuwa Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a. Irin Golf 3 ɗin nan an daina ƙera ta tun kafin shekarar 2000. Ke nan duk wadda ka gani tana ƙyalli, ta haura shekara ashirin tana aiki. Fenti ba ya faɗa maka lafiyar inji. Bakanike ne zai faɗa maka, shi ma sai idan naka ne.

Wane ne bakanikenka?

Dillali yana cin la'ada ne idan ciniki ya faɗa. Bakaniken da dillali ya kawo, ko wanda yake yi wa mai motar gyara, ba lalle ya yi maka ƙarya ba, amma zai ji nauyin faɗin aibin motar a gaban mutanensa. Saboda haka ka nemo wanda ba shi da alaƙa da su. Ka tambayi direbobin tashar garinku wane ne yake gyara musu irin wannan motar. Wanda ya ƙware a kan babur ko injin ban ruwa ba shi ne na wannan aiki ba.

Ku yi tsadar aikin tun kafin ku tashi, har da kuɗin motarsa da na abinci. Ka gaya masa a fili: "Malam, kuɗin dubawarka yana nan, ko na saya ko ban saya ba." Kada ka ce za ka sallame shi idan an yi ciniki, domin ka mai da shi dillali na biyu ke nan. Idan mai motar ya ƙi yarda a kawo bakanike, ka yi masa sallama cikin mutunci ka nemi wata.

A duba ta da sanyin safiya

Ku isa kafin a tayar da motar. Bakanike zai fara taɓa injin da hannu. Idan da ɗumi, an riga an tayar da ita, kuma inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar ƙarafa. Sai ku jira ya huce.

Da an tayar, a tsaya a bayan motar a kalli hayaƙin salansa. Shuɗin hayaƙi yana nuna injin yana shan baƙin mai, sau da yawa ringi ne suka cinye. Baƙin hayaƙi yana nuna fetur yana yi wa injin yawa. Farin hayaƙi kaɗan da safe, musamman lokacin hunturu, ba komai ba ne. Amma idan ya ci gaba da tuɗaɗowa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne yake shiga inda wuta take ci. Wannan ciwo ne da yake kama motocin hayarmu, saboda lodi da zafin bazara, don haka bari mu tsaya a kansa.

A ce wani manomi ya je da bakanikensa duba Golf da aka yi wa kuɗi naira miliyan 3. Jikinta sumul, kuma ta tashi bugu ɗaya. Bakanike ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ya ga wani abu fari-fari kamar kindirmo a manne. Wannan kaɗai bai isa hujja ba, domin motar da ba ta yin doguwar tafiya takan tara shi. Sai ya buɗe robar ruwa tun inji yana da sanyi, ya sa aka tayar, ya ga kumfa tana tasowa ba tsayawa. Nan zargi ya yi ƙarfi. A kula, ba a buɗe murfin robar ruwa idan inji ya yi zafi, tafasasshen ruwa zai watso wa mutum a fuska.

Daga nan ya kwance fulogi huɗun, ya sa ma'aunin ƙarfin silinda a kowane rami. Na farko ya nuna 170, na biyu 115, na uku 110, na huɗu 165. A lafiyayyen inji lambobin huɗu suna kusa da juna. Idan biyu da suke maƙwabtaka suka faɗi tare haka, galibi gasket ne, wato shimfiɗar da take ƙarƙashin kan inji, ya ƙone a tsakaninsu. Motar ta taɓa yin zafi sosai, kuma mai yiwuwa kan injin ya lanƙwashe, sai an kai shi an goge.

Mai motar ya ce, "Haba Alhaji, jiya ma na dawo da ita daga Kano." Gaskiya ya faɗa. Mota mai wannan ciwo tana tafiya, tana dai shan ruwa a hankali, har ranar da za ta tsaya da fasinja a daji.

Sauran dubawar

Bayan inji sai ƙarƙashin mota. A hau da ita kan rami, ko a ɗaga ta da jak, a nemi tsatsa da walda da yoyon mai. Walda a ƙarfen da yake riƙe da inji alama ce ta cewa mai yiwuwa motar ta taɓa yin babban haɗari. Sannan bakanike ya tuƙa ta da kansa, a kwalta da kuma hanyar burji, ya sa kowace giya, ya taka birki da ƙarfi, yana kallon allurar zafi. Kowace taya tana da lambobi huɗu a gefenta. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Taya takan tsufa ko da zanenta bai cinye ba.

Lambar shasi kuwa da kanka za ka duba, tunda yanzu kana karatu. Haruffa ne da lambobi guda 17, kuma ta Golf ƙirar Jamus tana farawa da WVW. Ka karanta ta ɗaya bayan ɗaya a jikin motar, ka gwada da ta takardar kwastan da ta lasin. Idan harafi ɗaya ya saɓa, ko ka ga alamar an kankare wurin, babu sauran maganar ciniki.

Abin da rahoto zai ƙunsa

"Motar ba laifi" ba rahoto ba ne. Ka sa bakanike ya rubuta, ko ya faɗa kai ka rubuta a littafinka. A sama a sa kwanan wata da lambar mota da lambar shasi. Sai a rubuta kowane aibi da abin da aka gani da ido, kamar lambobi huɗun nan na silinda. A gaban kowane aibi a sa kuɗin kaya da kuɗin aiki, a kuma nuna wanda dole a gyara kafin a ɗauki fasinja da wanda zai iya jira. A ƙasa ya faɗi abin da bai samu damar dubawa ba, misali cikin giyabos, tunda ba a kwance shi ba.

A misalinmu, a ce gasket da gugar kan inji da tayoyi biyu sun kama naira 350,000. Manomin yana da zaɓi biyu: ya nuna takardar ya nemi a rage wannan kuɗin daga miliyan 3, ko ya haƙura da motar. Bakaniken kirki zai ƙara gaya masa cewa sai an buɗe injin za a san ko kan ya tsage, kuma idan ya tsage kuɗin zai wuce haka.

Aikin gida

Ka nemi izinin wani direba a tasha, ka kwafi lambar shasin motarsa a littafinka, ka ƙirga ko ta cika 17. Sannan ka karanta lambobi huɗu na tayoyinsa, ka rubuta shekarar da aka yi kowace.