Kurakuran da ake yi a takardar jagorar alƙalin kotun gwaji

Sau da yawa alƙalin kotun gwaji, wato kotun da ɗaliban lauya ke koyon shari'a da ƙagaggen batu, lauya ne ko malami da aka gayyato, wanda bai samu lokacin karanta takardun ɓangarorin biyu ba. Da takardar jagorar da ka rubuta masa, mai taƙaita hujjojin kowane ɓangare, zai hau kujera. Babban kuskuren ɗaliban lauya shi ne su rubuta ta kamar masu kare ɓangare guda.

A ce an ɗaukaka ƙara a kan rigimar bashi, bayan kotun da ta fara sauraron shari'ar ta karɓi saƙonnin WhatsApp da aka buga a takarda ba tare da takardar shaidar na'ura ba. Ɗalibi zai cika shafi biyu da hujjar mai ɗaukaka ƙara: sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, wanda ya tsara sharuɗɗan karɓar shaidar da aka ciro daga na'ura, da shari'ar Kubor da Dickson, inda Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka ciro daga intanet domin ba a cika sharuɗɗan sashen ba. Ɗaya ɓangaren kuwa layi uku kacal, wai "ya ce saƙonnin suna da alaƙa da shari'ar". An zalunce shi ke nan, domin hujjarsa mafi ƙarfi tana sashe na 251: karɓar shaida bisa kuskure ba ta isa ita kaɗai ta rushe hukunci ba, in dai ko babu ita hukuncin ba zai sauya ba. To, idan akwai mutumin da ya shaida cewa a gabansa aka ƙirga kuɗin, mai ɗaukaka ƙara na iya yin gaskiya kan saƙonnin, amma ya faɗi shari'ar. Ka rubuta hujjar kowa yadda lauyansa zai karanta ya ce haka yake nufi.

Wannan ne ya sa dunƙule batun cikin tambaya ɗaya yake ɓata aiki. Tambayoyin biyu ne: an yi kuskure wajen karɓar saƙonnin? In an yi, kuskuren ya taɓa hukuncin?

Kada kuma ka kwafo sashe na 84 daga tsohon littafi. An yi wa dokar gyara a 2023.

Sai shawarar hukunci, inda tsoro ke kama mutane su rubuta "kotu za ta iya bin kowane ɓangare". Wannan bai taimaki alƙali da komai ba. Ka fito fili ka ce a cire saƙonnin, a kori ɗaukaka ƙarar, saboda shaidar mutumin nan ta isa. Sannan ka nuna inda shawararka take da rauni: idan kotun farko da saƙonnin kaɗai ta dogara, hukunci ya juya. Daga nan ka ciro wa alƙali tambayoyin da zai jefa, kamar ya ce wa mai ɗaukaka ƙara, "Lauya, in mun cire saƙonnin, me ya rage a bayanan shari'ar?"